Yadda tela zai yanka wa kansa albashi daga kuɗin da ba ya shigowa daidai

Duk wanda ya san sana'ar ɗinki ya san cewa shekarar tela ba ta tafiya a kan layi ɗaya. Daga tsakiyar Sha'aban zuwa daren Sallah ƙarama keke ba ya hutawa, ana kwana a shago, har a kai ga daina karɓar yadi saboda aiki ya yi yawa. Bayan Layya kuwa, musamman a Muharram da Safar, sai a wuni ba a ga komai ba in ban da gyaran zif da rage tsawon wando. Cefanen gida bai san da wannan bambanci ba, domin abin da iyali suka ci a Ramadan shi za su nema a Safar, kuma mai gidan haya ba ya tambaya ko kasuwa ta buɗe. Abin da wannan bayani zai nuna shi ne yadda mai irin wannan sana'a zai raba kuɗin shekara ɗaya a kan watanni goma sha biyu, ta hanyar biyan kansa adadi guda a kowane wata, ko ciniki ya yi kyau ko bai yi ba. An ɗauki tela ne a matsayin misali saboda hawa da saukar cinikinsa a fili suke, amma lissafin zai yi wa mai lalle da kitso, da mai ɗaukar hoton biki, da magini, da duk wanda samunsa ke bin lokaci.

Mataki na farko shi ne sanin abin da ke shigowa da gaske

Kafin a yi maganar ajiya, sai an san nawa sana'ar take bayarwa a kowane wata na shekarar da ta wuce. Wanda yake da littafin awo, inda yake rubuta sunan mai kaya da kuɗin ɗinki, ya riga ya samu rabin aikin, domin zai iya bin shafukan wata bayan wata ya haɗa jimla. Wanda yawancin kuɗinsa ta banki suke shigowa zai iya karɓar bayanan asusunsa na shekara guda ya duba. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya zauna ya ƙiyasta yawan ɗinkin da ya yi a kowane wata, ya riƙa karkata zuwa ga adadi mafi ƙanƙanta duk inda ya yi shakka, sannan ya fara rubutu daga yau.

Abin da ake nema a nan riba ce. Daga kuɗin da ya shigo a wata sai a cire na zare, da shafi, da zif, da maɓalli, da man janareta, da kuɗin wuta, da gawayin dutsen guga, da abin da aka biya mai surfani, da sallamar yaran shago. Wannan cirewa tana da muhimmanci a watan Ramadan fiye da kowane wata, domin a lokacin ne janareta ke kwana a kunne, a lokacin ne kuma ake ɗauko ƙarin hannu, saboda haka kuɗin da ya ratsa aljihu yakan yi nisa da abin da ya rage.

Akwai kuɗi iri biyu da ba a saka su a wannan lissafi. Na farko shi ne kafin alƙalami, wato abin da mai kaya ya bayar tun ba a yanka yadinsa ba. Wannan kuɗi bai zama na tela ba sai ranar da ya miƙa ɗinki, kuma a cikinsa ne za a sayi kayan aikin. Telan da ya ci kafin alƙalamin Sha'aban a cefane shi ne yake yin aikin goman ƙarshe na azumi kamar kyauta, hannu yana aiki amma babu abin da ke shigowa. Na biyu shi ne bashin da ake bin mutane. Ɗinkin da aka karɓa aka ce za a kawo ciko bayan Sallah ba a rubuta shi a ribar Ramadan, sai a watan da cikon ya zo hannu, idan ya zo.

Shawarata ita ce a yi wannan lissafi da watannin Musulunci, domin su ne cinikin tela yake bi. Ga misalin wani tela a birni, mai keke biyu da yaro ɗaya, wanda ya fitar da ribarsa ta shekara. Alƙaluman na misali ne, kowa zai sa nasa a gurbinsu:

Sha'aban: naira 260,000
Ramadan: naira 480,000
Shawwal: naira 150,000
Zulƙida: naira 300,000
Zulhajji: naira 210,000
Muharram: naira 90,000
Safar: naira 80,000
Rabi'ul Awwal: naira 190,000
Rabi'us Sani: naira 110,000
Jimada Awwal: naira 100,000
Jimada Sani: naira 120,000
Rajab: naira 190,000

Jimla ta kama naira 2,280,000, wato idan aka raba a kan goma sha biyu, kowane wata ya tashi da naira 190,000. Sai dai a lura cewa watanni huɗu ne kawai suka haura wannan adadi, biyu suka yi daidai da shi, shida kuma suka gaza, kuma ribar Ramadan kaɗai ta ninka ta Safar sau shida. Wanda ya tsara rayuwar gidansa a kan abin da yake gani a Ramadan zai shafe rabin shekara yana cin bashi, alhali abin da ya samu a shekarar zai iya riƙe shi.

Mataki na biyu: fitar da manyan kuɗaɗen da ake biya lokaci guda

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki naira 190,000 ɗin nan a ce ita ce abin kashewa a wata. Akwai buƙatun da ba sa zuwa duk wata, amma an san za su zo, kuma an san kusan ranar zuwansu. A yawancin garuruwan Nijeriya hayar gida da ta shago shekara-shekara ake biya, kuɗin makaranta zango uku ne, ga kuma hidimar Salloli biyu. Waɗannan ba larura ba ce da ta faɗo kwatsam, don haka bai kamata su riƙa zuwa wa mutum kamar ba a san da su ba.

Telan namu ya rubuta nasa kamar haka: hayar shago naira 150,000, hayar gida naira 200,000, kuɗin makarantar yara naira 40,000 a kowane zango, wato naira 120,000 a shekara, sai hidimar Salloli, da ta haɗa da kayan yara da abin layya, naira 130,000. Jimla naira 600,000, wadda idan aka raba ta a kan watanni goma sha biyu ta zama naira 50,000 a wata. Wannan naira 50,000 ita ce farkon abin da za a riƙa warewa duk wata, a ajiye ta daban, a kuma rubuta ranar biyan kowace buƙata a gabanta.

Bayan an cire naira 600,000 daga ribar shekara, abin da ya rage shi ne naira 1,680,000, wato naira 140,000 a wata.

Mataki na uku: yanke albashi

Yanzu sai a zo kan ainihin maganar. Tela zai yanka wa kansa adadi ɗaya da zai riƙa ɗauka a rana ɗaya ta kowane wata, kamar yadda ma'aikaci yake karɓar albashi, kuma daga wannan adadi ne kaɗai gida zai ci. Bai kamata adadin ya kai naira 140,000 cif ba, saboda shekarar da ke tafe ba lallai ta yi kama da wadda ta wuce ba, farashin kaya yana hawa, keke yana lalacewa, rashin lafiya na iya hana zama a shago mako biyu. Ya dace a rage kashi goma zuwa goma sha biyar cikin ɗari. A misalinmu an tsayar da albashi a naira 120,000, wato an bar naira 20,000 duk wata, wadda a shekara za ta zama naira 240,000.

Kafin a amince da wannan adadi sai a gwada shi da buƙatun gida na tilas. A zauna da uwargida a rubuta abin da ake ci a wata: hatsi, da mai, da kayan miya, da gas ko gawayi, da ruwa, da wuta, da sabulu, da kuɗin mota, da abin da yara ke tafiya da shi makaranta, da katin waya, da ɗan abin magani. Ita ta fi kowa sanin kwana nawa mudun shinkafa yake yi, kuma tsarin da aka yi ba da saninta ba yakan rushe tun a watan farko. A saka har da abin da ake bai wa iyaye da gudummawar biki da suna, domin a gidan Bahaushe wannan ba abin da za a yi watsi da shi ba ne, kuma idan ba a ba shi gurbi ba zai shigo ta inda ba a shirya ba. Gara a ce naira 10,000 ce ta zumunci a wata, a san an tanade ta, da a yi kamar ba za a bayar ba sannan a bayar da ninkinta uku.

Idan wannan lissafi ya tsaya a naira 120,000 ko ƙasa da haka, tsarin zai yi aiki. Idan kuwa ya nuna cewa gida ba zai rayu da ƙasa da naira 160,000 ba, to matsalar ta wuce ta hawa da saukar ciniki, samun ne gaba ɗaya bai kai buƙata ba. Rarraba kuɗi a kan watanni ba ya ƙara ko kwabo a kan abin da aka samu. A wannan hali sai an duba farashin ɗinki, ko a nemi aikin da ke zuwa a watannin sanyin kasuwa, kamar kayan makaranta a daf da komawa hutu, ko a rage wata babbar buƙata. Gara a gane haka a kan takarda tun da wuri da a gane shi a hannun mai bin bashi.

Mataki na huɗu: sanin girman rumbun da ake buƙata

Duk ribar da ta shigo za ta riƙa zuwa wuri ɗaya, wanda za mu kira rumbu, domin aikinsa irin na rumbun manomi ne, ana zubawa da kaka, ana ɗiba da awo har wata kakar. Daga rumbu abu biyu ne kawai ke fita a wata: albashi naira 120,000 da kason manyan buƙatu naira 50,000, jimla naira 170,000. Tambayar da ta rage ita ce nawa ya kamata a samu a rumbu kafin a shiga watannin fari, wato na sanyin kasuwa, kuma amsar tana fitowa ne idan aka bi watannin a jere ana haɗa ragi da giɓi.

A Sha'aban riba ta haura naira 170,000 da naira 90,000, a Ramadan ta haura da naira 310,000, sai rumbu ya kai naira 400,000. Shawwal ya ci naira 20,000, Zulƙida ya ƙara naira 130,000, Zulhajji ya ƙara naira 40,000, wato a ƙarshen Zulhajji akwai naira 550,000. Daga nan sai gangara. Muharram ya ci naira 80,000, Safar ya ci naira 90,000, ɗinkin Mauludi ya mayar da naira 20,000 a Rabi'ul Awwal, sannan watanni uku na gaba suka ci naira 60,000 da 70,000 da 50,000. A ƙarshen Jimada Sani rumbu ya sauko zuwa naira 220,000, kafin Rajab ya ƙara naira 20,000 a rufe shekara da naira 240,000.

Adadin da ya fi kowane muhimmanci a nan shi ne tazarar da ke tsakanin ƙololuwa da ƙasan gangarar, wato naira 550,000 a cire naira 220,000, ya zama naira 330,000. Wannan shi ne kuɗin da watanni shida daga Muharram zuwa Jimada Sani za su ci daga rumbu. Ma'ana, idan aka yi Layya aka gama, tilas telan ya ga aƙalla naira 330,000 a rumbunsa, ba tare da kuɗin haya da na makaranta ba. A rubuta wannan adadi a bangon littafi, domin shi ne zai hana mutum ganin naira 550,000 ya ɗauka cewa ya yi arziki. Fiye da rabinta an riga an san bakin da zai ci ta.

Wannan lissafi yana kuma nuna lokacin da ya dace a fara. Da telan ya fara tsarin a Muharram da rumbu wayam, da kafin Rajab ya ci bashin naira 330,000, ko da yake ribarsa ta shekara ba ta canza ba. Saboda haka a fara a bakin watannin ciniki, wato Rajab ko Sha'aban. Wanda wannan bayani ya riske shi a tsakiyar fari, abin da zai yi yanzu shi ne rubutu da tsuke hannu, ya bar biyan albashi sai kasuwa ta buɗe, kuma idan akwai bashin abinci a kansa ya sa shi cikin manyan buƙatun da za a fara biya daga ribar Ramadan.

Shekarar farko tana da wata matsala da ya kamata a sani. Kason naira 50,000 yana taruwa ne a hankali, amma ranar biyan haya ba ta jiran ya cika. Idan hayar gida ta naira 200,000 ta faɗo a wata na uku da farawa, abin da aka tara naira 150,000 ne kawai. Maganin wannan shi ne a ciko naira 50,000 daga rumbu a lokacin da yake cike, a rubuta ta a matsayin aro, a kuma mayar da ita daga kason watan da ke biye. Irin wannan aro a tsakanin ajiya biyu ta mutum ɗaya ba laifi ba ne, muddin an rubuta shi, kuma bai sa rumbu ya gaza naira 330,000 a ƙarshen Zulhajji ba.

Mataki na biyar: inda kuɗin zai zauna

Tsarin yana buƙatar wurare uku da ba sa cuɗanya: rumbu, da ajiyar manyan buƙatu, da aljihun kashewa. Abin da ya fi sauƙi shi ne asusun da masu kaya ke turo kuɗi a ciki ya zama dabam da wanda ake cefane da shi. A ƙarshen kowane mako a cire kuɗin kayan aiki, a bar kafin alƙalamin da ba a gama aikinsa ba, a tura ragowar zuwa rumbu. Asusun rumbu ya fi kyau ya zama wanda ba a yawo da katinsa a aljihu, domin kuɗin da ake iya cira a wurin mai POS na bakin layi ba ya daɗewa.

A tabbatar cewa bankin yana da lasisin Babban Bankin Nijeriya kuma yana ƙarƙashin inshorar hukumar NDIC, wadda a 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya idan banki ya durƙushe zuwa naira miliyan 5 a manyan bankuna da naira miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Wanda yake guje wa kuɗin ruwa yana da zaɓin bankunan da ba sa hulɗa da shi, irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Abin da bai kamata a yi da kuɗin rumbu ba shi ne miƙa shi ga masu alƙawarin riba mai yawa duk wata, ko a ba wani ya juya, domin wannan kuɗin abincin Safar ne, kuma dole ya kasance a hannu ranar da aka neme shi. Yana da kyau kuma a riƙe cefanen mako ɗaya ko biyu a tsabar kuɗi a gida. Waɗanda suka ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 sun san cewa mutum zai iya samun kuɗi a asusu ya rasa abin sayen gishiri.

Adashi yana da wuri a wannan tsari, amma da sharaɗi. Zubi iri ɗaya ne a watan ciniki da watan fari, saboda haka telan da ya shiga adashin naira 50,000 a wata yana kallon Ramadan zai sha wuya a Safar idan daga aljihu yake zubawa. Inda adashi yake amfani shi ne idan ya tsaya a madadin ajiyar manyan buƙatu, wato zubin ya fito daga kason da aka riga aka ware, a kuma daidaita da uwar adashi cewa kwasa ta faɗo kafin ranar haya. Rumbu kuwa ba a sa shi a adashi, domin ana buƙatar ɗiba daga cikinsa duk wata, kuma idan wani ya kwasa ya daina zubi babu hukumar da za ta biya.

Hauhawar farashi da sayen hatsi

Ajiye naira na tsawon watanni yana da hasara, kuma ba daidai ba ne a ɓoye hakan. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, wato kuɗin da aka ajiye a farkon shekara, idan aka kai ƙarshenta ba ya sayen abin da da zai saya a farkonta. Wannan na cikin dalilan barin naira 20,000 a wata ba a taɓa ba. Wata hanyar kuma ita ce mayar da wani ɓangare na rumbu abinci a lokacin da yake da araha.

A nan sai an haɗa kalanda biyu. Ciniki yana bin watan Musulunci, wanda ke matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya duk shekara, amma farashin hatsi yana bin damina da kaka. A 2025 an fara azumi a farkon Maris, Muharram da Safar suka faɗo a tsakiyar damina, lokacin da abinci ya saba yin tsada, kaka kuma ta zo a Rabi'us Sani da Jimada, watannin da telan birni ba shi da ciniki. Ma'ana, a waɗannan shekaru wanda ba shi da rumbu yana rasa kuɗi daidai lokacin da gero da masara da wake suka fi araha. Mai rumbu zai iya ɗaukar, misali, naira 90,000 daga ragowar da ta haura buƙatar watannin fari, ya sayi hatsin da gidansa zai ci na wata shida, sannan ya rage albashinsa da naira 15,000 a kowane ɗaya daga cikin watannin, tunda ya riga ya karɓi wannan kaso a buhu. Idan ba a rage albashin ba, an ci kuɗin sau biyu ke nan.

A sayi abin da gida zai ci kawai, a tabbatar ya bushe sosai, a ɗora buhunan a kan katako nesa da bango. Wake yana buƙatar buhu mai ninki uku da ba ya shigar da iska, ko jarka mai murfi da ke rufuwa gam, in ba haka ba ƙwari za su cinye ribar. Kada a mayar da wannan kasuwanci da kuɗin rumbu, domin farashi ba kullum yake hawa bayan kaka ba, kuma a 2025 an ga hatsi ya sauka har waɗanda suka tara don sayarwa suka yi asara. Mai ci ba ya shiga wannan asara sosai, tunda ko farashi ya faɗi tuwonsa yana nan.

Yadda ake gane tsari ya fara karkacewa

A ranar ɗaukar albashi a duba abu biyu: ribar watan da ya ƙare idan aka kwatanta da takwaransa na bara, da abin da ke rumbu idan aka kwatanta da abin da lissafi ya ce a samu. Wata ɗaya da ya gaza ba abin tashin hankali ba ne. Idan watanni biyu a jere suka gaza na bara da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ko kuma aka ga ana komawa rumbu kafin ranar albashi, to lokacin gyara ya yi.

Babban wurin dubawa shi ne ƙarshen Zulhajji. A ce Sallar bana ba ta yi kyau ba, rumbu ya tsaya a naira 240,000 maimakon naira 330,000 da ake buƙata. Giɓin naira 90,000 ne, watannin fari kuma shida ne, saboda haka a rage albashi da naira 15,000 tun daga Muharram, ya koma naira 105,000. Rage naira 15,000 na wata shida abu ne da gida zai iya ɗauka ta hanyar rage nama da tafiye-tafiye da gudummawa. Wanda ya ƙi ragewa ya ci gaba da ɗaukar naira 120,000 zai ga rumbu ya ƙare a Jimada Awwal, ya shiga Jimada Sani babu abin cike giɓi, daga nan sai bashi a wurin mai shago ko sayar da keke ɗaya ana daf da shiga lokacin da aka fi buƙatarsa.

Ƙarin albashi kuwa sau ɗaya ake yin sa a shekara, bayan Layya, lokacin da aka ga ainihin abin da Sallolin biyu suka bayar. A sake lissafin daga farko da alƙaluman sabuwar shekara, a sabunta kuɗin haya da na makaranta, a fitar da sabon adadin watannin fari. Abin da ya rage a rumbu bayan an ware wannan adadi sai a fara gina ajiyar larura da shi, har ta kai albashin wata uku, wato naira 360,000 a misalinmu, domin rashin lafiya ko gobara ko rasuwa ba sa cikin lissafin watanni. Bayan ta cika ne za a yi maganar sabon keke ko injin surfani. Wanda kuma ajiyarsa ta kai nisabi har shekara ta zagayo a kanta, zakka ta hau shi, kashi biyu da rabi cikin ɗari, sai ya tambayi malamai nisabin shekarar tunda yana bin farashin zinariya, ya rubuta ta a cikin manyan buƙatun shekara mai zuwa tare da ranar fitar da ita.